Garin tuwon shinkafa a leda: leda nawa zan sayar kafin na daina faɗuwa?

Bello Mai Inji: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san lissafi. Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a nan Jega, shekara shida ke nan. Kowa ya san in an casa ba a rasa tsaki, wato karyayyar da ke fita ta rariya. Ni dai tun da na fara, mata masu masa da masu tuwon sayarwa ke kwashe min shi, buhu mai kilo 50 a kan naira 35,000 yanzu. To makon jiya na shiga wani kanti a Birnin Kebbi na ga garin tuwon shinkafa a leda, kilo ɗaya naira 1,500, kuma ba a jihar nan aka yi shi ba. Abin ya tsaya min a rai.

Ga abin da na buga. Injin niƙa naira 900,000. Injin liƙe leda da sikeli 180,000. Gyaran ɗakin da ke bayan injina, da siminti da silin da raga a tagogi, 360,000. Jimla 1,440,000. Yara biyu zan ɗauka, kowa 40,000 a wata. Leda mai tambari naira 100 ɗaya, man gas na niƙa kilo guda kamar 50. Tsaki kuwa nawa ne, ba saye zan yi ba. Ke nan kowace leda tana bar min 1,350. In na sayar da leda 60 a wata na biya yara, duk abin da ya hau riba ce. Ina kuskuren yake? Don sauƙin abin har tsoro yake ba ni.

Kabiru Aliero: Wa alaikumus salam. Yaya Bello babu kuskure, ka yi bisimilla kawai. Leda 60 ai ɗaliban jami'ar nan ta Aliero kaɗai sun cinye ta a mako.

Hajiya Luba: Bello, ɗana, wa ya ce maka tsakin naka kyauta ne? Jiya jiya 'yata ta biya ka 35,000 ta ɗauki buhu.

Bello Mai Inji: Hajiya ina nufin ba zan ciro kuɗi daga aljihu na saya ba.

Malam Sanusi Akanta: Hajiya ta riga ni, kuma a nan babban ramin yake. Malam Bello, duk buhun da ka zuba a injin niƙa, buhu ne da ba ka sayar wa masu masa ba. Naira 35,000 da ta saba shigowa aljihunka ranar Juma'a ba za ta shigo ba. Ko ka ciro kuɗi ka saya, ko ka hana kuɗi shigowa, a ƙarshen wata aljihun ba ya bambance su. Don haka ka rubuta tsaki naira 700 kilo ɗaya, kamar daga kasuwa ka ɗauko shi.

Kafin mu ci gaba ina da tambaya biyu. In ka zuba kilo 50 na tsaki, aka tsince tsakuwa, aka wanke, aka shanya, aka niƙa aka tankaɗe, gari kilo nawa ke fita? Sannan 1,500 ɗin da ka gani, kai za a ba ko mai kanti?

Bello Mai Inji: Na gwada da rabin buhu a gida. Kilo 25 ya ba ni 23 ba kaɗan. Kuɗin kuma gaskiya na kan kanta ne. Na tambayi mai kantin, ya ce in ina son ya ajiye nawa sai na bar masa 250 a kowace leda.

Malam Sanusi Akanta: Madalla. To mu ɗauki leda guda mu tsaya a kanta. Kuɗin da ke shigo maka 1,250 ne, 1,500 ba taka ba ce. Bisa gwajinka, kafin ka cika leda mai kilo ɗaya sai ka ci tsaki kilo ɗaya da ɗan ɗori, mu ce 1.1, wato naira 770. Leda 100. Gas 50. Buhu ko katan ɗin da za ka jera su a ciki, mu sa 20 a kan kowace. Akwai kuma wadda za ta fashe a mota, da wadda ɓera zai huda a kanti a dawo maka da ita. In uku cikin ɗari suka tafi haka, ya kama kusan naira 40 a kan kowace leda. Ka haɗa: 980. Ka cire daga 1,250, saura 270.

Wannan 270 ɗin ita ce abin da leda ɗaya ke bar maka, ba 1,350 ba. Kuma ita ma kar ka kira ta riba tukuna. Gudummawa ce kowace leda ke kawowa don a biya kuɗaɗen da ba ruwansu da ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Sai an gama biyan waɗannan kaf sannan leda ta gaba ta fara zama riba.

Bello Mai Inji: Inna lillahi. Daga 1,350 zuwa 270?

Kabiru Aliero: Malam ka tsananta. To ko a 270 ɗin ne, albashi 80,000 ai leda 300 ta biya shi. Leda goma a rana. Har yanzu da ci.

Malam Sanusi Akanta: Rabon da ka yi daidai ne, Kabiru, abin da ka raba ne bai cika ba. Albashi ba shi kaɗai ne kuɗin wata ba. Injin nan na 900,000 ba gado ba ne, kullum cinyewa yake. In muka ce duka kayan nan na 1,440,000 shekara uku za su yi kafin a sake zuba kuɗi mai nauyi, to ka raba wata 36, naira 40,000 ke nan ke narkewa duk wata ko an kunna inji ko ba a kunna ba. Gyara, bel, rariya, dutse, man juye, na sa 15,000. Malam Bello, rajistar NAFDAC fa? Kanti mai hankali ba ya ajiye abinci a leda babu lamba. Kuma wa zai kai kayan Birnin Kebbi?

Bello Mai Inji: Na ware 300,000 don rajista da gwaje-gwaje da zirga-zirgarta. Kai kaya kuma sau ɗaya a mako, mota da ɗan dako da yawon shaguna a keke, 10,000 duk tafiya.

Malam Sanusi Akanta: Rajistar shekara biyar take yi kafin a sabunta, don haka 300,000 a wata 60, naira 5,000. Tafiya huɗu 40,000. Mu tara: albashi 80,000, narkewar kaya 40,000, gyara 15,000, rajista 5,000, mota 40,000. Naira 180,000 duk wata. Ka raba da 270, ya ba ka leda 667. A nan ne za ka yi kunnen doki, ba riba ba faɗuwa. In ana aiki kwana 26 a wata, leda 26 ke nan kullum, kuma waɗanda aka saya aka biya nake nufi, ba waɗanda aka jera a kanta ba.

Alhaji Mani Argungu: Ni ban yarda da sa kuɗɗin mota cikin na wata ba. Mota ai kaya taka bi. In ba kaya, ba tahiya. Mu da munka daɗe muna kai shinkahwa Sakkwato, buhu muka biya ma, ba wata ba.

Malam Sanusi Akanta: Alhaji, a harkarku haka ne, tunda direba buhu yake ƙirgawa. Shi Bello da kansa zai shiga mota ya zaga shaguna. Ko leda 50 ya ɗauka ko 200, kujerarsa da ɗan kekensa kuɗinsu ɗaya. Amma kana da gaskiya ta wani gefen: ranar da kayan suka fi ƙarfin but ɗin mota ɗaya, kuɗin zai yi tsalle. Irin wannan kuɗi kamar matakala yake, ya tsaya cak, sai kuma ya hau gaba ɗaya. A tsakanin leda 400 zuwa 900 dai ina ganin bai motsa ba.

Alhaji Mani Argungu: To mun ji. Amma ni da niy yi lissahi da a bisa leda zan aza shi.

Ummu Hanan: Salam. Ni tambayata, in na zuba 200,000 a sana'ar yajin daddawa, wata nawa kuɗina za su dawo? Shi ne wannan lissafin ko?

Anti Rabi Mai Zoɓo: Ba shi ba ne, ƙanwata. Naki tambayar yaushe uwar kuɗi za ta dawo ne. Nasu kuma nawa za a sayar duk wata kafin a daina cin uwar kuɗin. Ki buɗe naki zaren mu taya ki, kar a cakuɗa wa Bello.

Bello, bari in ba ka nawa labarin tunda na sha wannan ruwan. Shekara biyu da suka wuce ina zoɓo lafiya lau, sai na ƙara kunun aya a gora. Na yi lissafi irin na Malam Sanusi tsaf, ya nuna min gora 40 a rana ta fitar da ni. Kuma na riƙa sayar da 40 ɗin, wata ran 50. Amma ƙarshen wata kuɗi ba su ƙaru ba. Sai da na zauna da littafi na gane masu sayen kunun ayan nan, rabinsu masu sayen zoɓona ne suka sauya. Zoɓo kuma ya fi bar min rara. Ga kunun aya in an ɗauke wuta awa kaɗan ya yi tsami, sai zubarwa. Wato na buɗe sabon shago ne na kwashe wa tsohon shagona mutane. Kai ka duba naka: matan nan masu sayen tsaki, tsaki kaɗai suke saye a wurinka?

Bello Mai Inji: A'a Anti. Da yawansu su ke kawo min shinkafar gidajensu casa, wasu kuma in biki ya taso wurina suke ɗaukar tsaba.

Anti Rabi Mai Zoɓo: To ka gani. Ranar da suka zo ka ce babu tsaki, ya tafi leda, injin maƙwabcinka za su koma, kuma da shinkafar casar tasu za su tafi. Wannan ba ya cikin 180,000 ɗin Malam, ba ya cikin 980.

Malam Sanusi Akanta: Gaskiya ne, kuma ba ni da alƙalamin da zan sa masa. Bello ne ya san matan. Amma maganar Hajiya Rabi ta tuna min abin da ya kamata na tambaya tun farko. Leda 667 tana cin tsaki kilo 734, kusan buhu 15. Injinka buhu nawa na tsaki yake fitarwa a wata?

Bello Mai Inji: Bayan girbi, na damina da na rani, ina samun kamar buhu 20. Amma akwai wajen wata huɗu a shekara da shanshera ke ƙaranci, manoma sun ɓoye ko ta ƙare, lokacin da ƙyar na haɗa buhu 8.

Malam Sanusi Akanta: To a nan lissafin ya fara magana. Buhu 20 kilo 1,000 ne, zai ba ka leda 909. In ka sayar da su duka, 909 sau 270 ya kama 245,000 da 'yan kai, ka cire 180,000, riba kamar 65,000 a wata. Wannan shi ne ƙololuwa, ranar da komai ya tafi daidai kuma ba ka bar wa masu masa ko mudu ɗaya ba. A watan ƙaranci, buhu 8 leda 363 ne, suna kawo 98,000, ka faɗi 82,000. Wata takwas na riba 520,000, wata huɗu na faɗuwa 328,000. Shekara ta bar maka abin da bai kai 200,000 ba, a kan jarin kusan miliyan ɗaya da rabi da wahalar shekara guda.

Abin da nake so ka lura da shi, tazarar da ke tsakanin 667 da 909 ba ta da faɗi. Kwata ɗaya na cinikin ya kuɓuce, ka dawo kunnen doki.

Kabiru Aliero: Ai sai ya sayo tsaki a waje lokacin ƙaranci. Jihar da ke da manyan kamfanoni irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ga ƙananan injina ko'ina, tsaki zai gagara?

Malam Sanusi Akanta: Ba zai gagara ba, sai dai da tsada, don lokacin da shi ya rasa kowa ma ya rasa. Mu ce kilo ya tashi daga 700 zuwa 800, naira ɗari kacal. A leda ya zama ƙarin 110. Rarar ta sauko daga 270 zuwa 160. Yanzu 180,000 a raba da 160, leda 1,125. Ka ga naira ɗari ta ɗaga masa ƙofar fita da leda sama da 450. In rara siririya ce haka, ɗan motsi kaɗan a farashin kaya sai ya jijjiga lissafin gaba ɗaya.

Kabiru Aliero: In tsaki ya hau shi ma ya ƙara kuɗin leda mana. Ya mai da ita 1,700.

Hajiya Luba: Kabiru kai ba ka shiga kicin, shi ya sa. Ni shekarata talatin da wani abu ina tuwon sayarwa. Tuwon shinkafa na gaske, tsakin ake zubawa a ruwa ya dahu ya yi luguf, a tuƙe shi da muciya. Na gari daban yake, ya fi santsi, kuma maigidan da ya saba da na asali cokali ɗaya zai gane. Macen da ke Jega ko Kamba ba za ta bar tsakin 700 ta sayi gari 1,500 ba, balle 1,700. In ma garin take so, ta wanke ta aika yaro inji. Masu sayen ledar nan ma'aikata ne, matan da ke dawowa daga ofis ƙarfe huɗu, da ɗalibai, da baƙi. Suna nan, ban ce babu ba. Amma 26 kullum, har ranar da ba a yi albashi ba?

Bello Mai Inji: Hajiya wallahi wannan ne ban auna ba. Mai kantin ya ce nasa yana sayar da kamar katan ɗaya a mako, leda 20.

Anti Rabi Mai Zoɓo: Leda 80 a wata ke nan a kanti ɗaya, kuma akwai mai kaya a wurin tun kafin ka zo. Ko raba cinikin kuka yi biyu, 40 ce taka. Kafin ka kai 667 sai ka samu kanti 17 irin wannan. Kuma ka shirya, yawancinsu "ajiye, in an sayar ka zo" za su ce maka. Yaranka kuwa ranar 30 ga wata ba su san wannan yaren ba.

Nura Injiniya: Ni gyaran injina nake yi, ba lissafi ba, amma me ya sa dole sai ya sayi injin niƙa? Akwai masu niƙa a Jega da injinsu ke kwana rabin yini. Ka yi magana da ɗaya, ka ce asuba ta farko taka ce, kafin a zuba masara da dawa.

Bello Mai Inji: Na tambaya da, sun ce naira 120 kilo in da yawa.

Malam Sanusi Akanta: Bari mu buga wannan, don ina jin Nura ya taɓo wurin. In ba inji, gas na 50 ya fita, niƙa na 120 ya shigo. Kuɗin leda ya koma 1,050, rara 200. Ta ragu. Amma dubi ɗaya gefen: narkewar injin 25,000 ta tafi, gyara 15,000 ya tafi, yaro ɗaya mai kula da inji 40,000 ya tafi. In kuma ka fara da tafiya biyu a wata, 20,000 ta ragu. Kuɗin wata ya dawo 80,000. A raba da 200, leda 400. Tsaki buhu 9, kusan abin da kake samu ko a watan ƙaranci, kuma bayan girbi masu masa ba su rasa nasu ba.

Ga kuma abin da ya fi ba ni sha'awa. Mallakar inji tana cin 80,000 a wata, abin da take rage maka kuwa naira 70 ce a leda. Kafin naira saba'in-saba'in ta tara 80,000 sai ka niƙa leda 1,143 a wata. Tsakinka gaba ɗaya bai wuce 909 ba. Wato da tsakin da kake da shi yanzu, babu watan da sayen injin zai fi kai niƙa sauƙi.

Alhaji Mani Argungu: A takarda. Injin kasuwa wanda anka niƙa tattasai da jan dawa jiya? Garin shinkahwa hwari na, ɗigo guda ya ɓata shi. Kuma in dutse sabon sassaƙa na, ƙarhe shina biyo gari. Wa ka sayen leda ta biyu in ya tauna ƙasa ga ta hwarko?

Nura Injiniya: Alhaji ana wanke inji, a fara zuba kilo biyu uku a share hanya a ware shi. Ƙarfe kuma a sa maganaɗisu a bakin mazurari.

Malam Sanusi Akanta: To kilo ukun share hanyar ma kuɗi ne, a sa shi. In duk niƙa kilo 100 ne, uku sun tafi, kusan naira 23 ta ƙaru a leda, rara ta koma 177, kunnen doki ya matsa zuwa leda 452.

Anti Rabi Mai Zoɓo: Akwai wata. Jami'an NAFDAC suna zuwa su ga inda ake sarrafa abin da idonsu kafin su ba da lamba. In niƙan a wani wuri ake yi, liƙewa a wani wuri, Bello ya je ofishinsu na Birnin Kebbi ya faɗa musu tsarin tun kafin ya zuba siminti, ya ji abin da za su ce.

Kabiru Aliero: Ni har yanzu ina ganin kun cika tsoro. Duk mai babban kamfani da ya tsaya irin wannan ƙirga da bai fara ba.

Hajiya Luba: Kai ka ba shi miliyan ɗaya da rabin, sai ya daina ƙirga.

Bello Mai Inji: Hahaha Hajiya a yi masa afuwa. Malam, abu ɗaya ya rage min. Shekara ukun da ka yanka wa inji, in ya yi shida fa? Nura ya san irinsa, wasu suna shekara goma.

Malam Sanusi Akanta: Ka sa shida mu gani. Narkewar injin ta sauko daga 25,000 zuwa 12,500, kuɗin wata 167,500, leda 621 maimakon 667. Bai sauya labarin ba. Nauyin lissafinka ba a inji yake ba, yana kan naira 770 ta tsaki da 250 ta mai kanti. In ka samu hanyar sayar da ko kashi ɗaya cikin uku kai tsaye a bakin injinka ko ta waya a kan 1,400, waɗannan kowace 420 za ta bar maka, ba 270 ba.

Nura Injiniya: Goma yana yi in ana ba shi man juye a kan lokaci. Wanda yara ke kula da shi kuwa, ban yi alkawari ba.

Bello Mai Inji: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi: injin ya dakata. Buhu biyu zan wanke na kai niƙa da asuba, ya ba ni kamar leda 90. Ba zan kai kanti ba tunda ba lamba, zan raba wa 'yan uwa da abokan aikin matata a kan 1,400, na rubuta sunan duk wadda ta saya, na ga nawa za su dawo neman ta biyu cikin wata guda. Ranar Litinin kuma zan shiga ofishin NAFDAC. Hajiya, zan aiko miki leda biyu ki tuƙa ki faɗa min gaskiya.

Hajiya Luba: Ka aiko uku, ɗaya ta gwajin ruwa ce. Kuma buhun 'yata na Juma'a kar ka taɓa shi.

Ummu Hanan: Anti Rabi na buɗe zaren yajin, ku leƙo don Allah.